Babi na Shida: Tsarin Koyon Sana'a a Shagon Gyaran Gashi, Daga Ranar Shiga Zuwa Ranar Yaye

Yawancin rigingimun da ke raba mai shagon gyaran gashi da 'yar koyonta sun samo asali ne daga maganar da ba a yi ba tun ranar farko. Uwa ta kawo 'yarta, ta ce wa mai shago, "Hajiya, ga amana nan, a koya mata abin da za ta riƙe kanta." Mai shago ta ce, "Ba komai Mama, ai 'yata ce." Aka yi addu'a aka tashi. Babu wanda ya tambayi wata nawa za a yi, ko me za a koya a wane lokaci, ko wane aiki ne na yarinya wane ne ba nata ba, balle a zo ga tambayar da ta fi kowace nauyi: yaushe za ta fara samun kuɗi daga aikin hannunta? Kunya ce ke hana a tambaya, amma bayan shekara guda kunyar nan takan juye ta zama ƙorafi. Yarinya tana ganin ta zama 'yar aiki marar albashi, mai shago kuma tana ganin ta raini wadda ba ta san alheri ba.

Ra'ayin da wannan babi ya tsaya a kai shi ne: a ɗaure komai da abin da hannun yarinya ya iya, kada a ɗaure shi da watannin da ta shafe kawai. Kuɗin koyo, da irin aikin da za a ba ta, da ranar da za ta fara karɓar kaso, duk su bi matakan gwaninta da aka ambata tun farko, aka kuma rubuta. Domin a ga yadda abin yake a aikace, za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. A ce shago ne a wata unguwa a Kano, mai kujera uku da diraya ɗaya da ƙaramin janareta, ana kitso da wankin kai da sitimin da sa rilaksa. A ce an kawo yarinya 'yar shekara 17 da ta gama sakandare, an kuma shirya za ta yi wata 18. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne domin lissafi ya fito fili, kowa sai ya sauya su da farashin unguwarsa.

Abin da doka ta tanada

Mutane da yawa ba su san cewa koyon sana'a yana da gurbi a dokar ƙasa ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974, daga sashe na 49 zuwa na 53, ta yi magana a kansa. Ta ce yaron da ya haura shekara 12 amma bai kai 16 ba, iyayensa ko waliyyinsa ne za su sa shi koyon sana'a, kuma sai da yardarsa. Wanda ya kai 16 yana iya ƙulla yarjejeniyar da kansa. A kowane hali wa'adin ba zai wuce shekara 5 ba. Dokar ta kuma ce yarjejeniyar ta kasance a rubuce, jami'in ƙwadago mai izini ya shaida ta.

A zahiri, ƙananan shagunan unguwa ba kasafai suke zuwa ofishin ƙwadago ba. Duk da haka hikimar da ke cikin dokar ta isa a ɗauka: a rubuta, a samu shaida, a sa iyaka ga lokaci. Takarda ɗaya ta wadatar, mai shago ta sa hannu, yarinya ta sa, sannan wanda ya tsaya mata, uba ko kawu ko yaya, shi ma ya sa. Kowane ɓangare ya riƙe kofi. Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne, addini ma ya horar da mu mu rubuta bashi, kuma wannan alƙawari ne da zai ɗauki shekara da rabi ana cika shi kullum.

Kuɗin koyo: na mene ne, kuma yaya za a biya

Kafin a faɗi adadi, ya kamata a fahimci abin da kuɗin yake biya. A watannin farko 'yar koyo asara take jawo wa shago. Tana zuba sabulun wankin kai fiye da kima, tana karya haƙoran mataji, tana ɓata man kitso. Mafi tsada kuma shi ne lokacin mai shago, domin duk mintin da ta tsaya tana gyara wa yarinya riƙon kibiya, minti ne da ba ta kan kwastoma. Wannan ne kuɗin koyo yake rufewa. Ba kuɗin sayen yarinya ba ne, ba kuma jinginar da za ta hana ta tafiya ba.

A misalinmu an yanka naira 60,000 na wata 18. Kuskuren da aka saba shi ne a karɓe duka a ranar shiga. Idan kuɗi ya riga ya shiga hannu, babu abin da ke tura mai shago ta gaggauta koyarwa, idan kuma yarinya ta bari a wata na biyu sai rigimar mayar da kuɗi ta tashi. Gara a raba uku: 30,000 ranar shiga, 15,000 ranar da ta tsallake matakin farko, 15,000 ranar da ta tsallake na biyu. Ta haka duk lokacin da iyaye za su miƙa kuɗi, akwai abin da aka nuna musu 'yarsu ta iya.

A kuma fayyace kayan da yarinya za ta zo da su na kanta: mataji mai manyan haƙora da mai wutsiya, kibiya, almakashi, maƙalan gashi, tawul biyu, safar hannu, da kan roba mai gashi na gwaji. Waɗannan nata ne, da su za ta fita ranar yaye. Duk wani kuɗi da za a nema nan gaba, na takardar shaida ko na walima, a faɗe shi yanzu a rubuta. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a zo ƙarshen wa'adi sannan a fito da dogon jerin lemo da shinkafa da atamfa wanda babu wanda ya taɓa jin labarinsa.

Akwai iyayen da ba su da halin biya. Hanyar adalci a nan ita ce a mayar da kuɗin zuwa aiki mai iyaka: bayan yarinya ta fara karɓar kaso, a riƙa cire wani abu ƙayyadadde duk wata har 60,000 ta cika, a rubuta kowane cirewa a gabanta. Abin da bai dace ba shi ne a ce "tunda ba ku biya ba za ta yi mana aiki," ba tare da an faɗi ranar da bashin zai ƙare ba.

Aikin shago da aikin gida

Shara, wanke tawul, ɗebo ruwa, goge madubi, wanke mataji da kibiya bayan kowace kwastoma, duk aikin 'yar koyo ne, kuma babu ƙasƙanci a ciki. Ta nan ake koyon tsabta, wadda a wannan sana'a magana ce ta lafiya: mataji guda da ba a wanke ba yana iya ɗaukar ƙwarƙwata ko makero daga kan wata yarinya zuwa kan wata. Aiken da ya shafi shago, kamar sayo mai na janareta ko karɓo kaya a kasuwa, shi ma yana ciki.

Wankin kayan gidan mai shago, da girki, da raino, da kai yara makaranta ba sa ciki. A al'adarmu uwar ɗaki tana da haƙƙin girmamawa, kuma yarinya mai tarbiyya ba za ta iya cewa "Anti, wannan ba aikina ba ne" ba. Saboda haka nauyin kiyaye iyakar yana kan mai shago, kuma rubuta ta a takarda yana sauƙaƙa wa kowa. Alamar da iyaye za su gane an kauce hanya mai sauƙi ce: idan wata uku ya wuce yarinya tana dawowa gida a gajiye amma ba ta iya tsaga kan ƙanwarta a miƙe ba, to ba koyo take yi ba.

A rubuta lokacin zuwa da na tashi, misali daga ƙarfe 9 na safe zuwa kafin magariba, da rana ɗaya ta hutu a mako, da lokacin salla da na cin abinci, da ranakun Islamiyya idan tana zuwa. A yi maganar makon Salla da lokutan biki tun yanzu, domin a waɗannan ranaku shago yakan kai dare. Wa zai raka ta gida, wa zai biya kuɗin adaidaita? Sannan a sa aƙalla awa ɗaya kullum ta koyo zalla, a lokacin da shago ya yi sanyi, wanda galibi hantsi ne a tsakiyar mako. Kallo kaɗai ba ya koya wa yatsu kitso.

Tun daga makon farko a ba ta kuɗin mota, a misalinmu naira 500 a rana. Wannan ba albashi ba ne, abin da zai sa ta iya zuwa ne. Kwana shida a mako ya zama 12,000 a mako huɗu, wato 36,000 a wata uku, wanda ya haura 30,000 da aka karɓa ranar shiga. Wannan lissafi ya kamata iyaye su gan shi, domin su san mai shago ba riba take ci da kuɗinsu a farko ba. Ita ma mai shago ta tuna cewa duk tsifar da yarinya ta ɗauke mata, ta ba ta damar kama wani kan da za a biya ta cikakken kuɗi.

Matakai uku, kowanne da gwajinsa

Matakin farko, wanda ake sa ran zai ɗauki kamar wata uku, shi ne tsifa, taza, wanki da busarwa. Ana raina shi, alhali a nan ake gane hannu mai taushi. Yarinya ta koyi tsefe kitso daga ƙasa zuwa sama ba tare da tsinka gashi ba, ta koyi warware cukurkuɗaɗɗen gashi da yatsu da ɗan mai kafin ta sa mataji, ta fara taza daga bakin gashi tana hawa zuwa tushe. Ta san cewa gashin da aka tsefe ba a taje ba, idan aka zuba masa ruwa dunƙulewa yake yi. Ta koyi gwada zafin ruwa a bayan hannunta, ta wanke fatar kai da tafin yatsu ba da farce ba. Ta kuma koyi duba kai kafin ta taɓa shi: ta bambanta amosani da makero, ta gane ƙuraje da rauni, ta san lokacin da za ta je ta raɗa wa Anti maimakon ta yi magana a gaban mutane. Gwajin wannan mataki shi ne ta tsefe, ta wanke, ta busar da kai biyar a jere, mai shago tana kallo, babu wadda ta yi ƙorafin zafi, babu ragowar sabulu a ƙeya ko bayan kunne.

Mataki na biyu, daga wata na huɗu zuwa kusan na tara, shi ne tsaga da kitso. Ana farawa a kan roba, sannan kan ƙanne da 'yan uwa kyauta, sannan kan yaran da iyayensu suka yarda 'yar koyo ta yi musu a farashi mai sauƙi. Tsari mai kyau shi ne a fara da kalaba, domin tana koyar da raba gashi uku daidai, sai zane miƙaƙƙe zuwa baya, sai shuku, sannan kitson da layinsa ke lanƙwasa. Abu huɗu ake dubawa a gwaji: tsaga ta fita tsaf, girman layuka ya zo ɗaya, kitso ya kai mako biyu bai tashi ba, sannan ƙarfin ja. Wannan na ƙarshe shi ne inda masu koyo suka fi faɗuwa, domin suna zaton kitso mai kyau shi ne mai tsauri. Idan fatar goshi ta ɗage, ko ƙananan ƙuraje suka fito a bakin layi, ko kwastoma ta kasa sunkuyawa ta yi sujada cikin daɗi, an ja da yawa. Irin wannan ja, idan aka maimaita shi shekara da shekaru, shi ke cinye gashin gaban goshi, wani lokaci ba ya sake fitowa. A haɗa da lokaci a gwajin: a ce zane goma sha biyu zuwa baya a cikin awa ɗaya da rabi. Wadda ta iya kitso amma tana shafe awa huɗu a kai ɗaya ba ta kai ga zaunar da kwastoma ba tukuna.

Mataki na uku, daga kusan wata na goma zuwa ƙarshe, shi ne aikin sinadari da zafi, da kitson biki, da tafiyar da shago. An ajiye shi a ƙarshe ne domin kuskurensa ba ya tsefuwa. Rilaksa iri-iri ce, wata sinadarinta shi ne sodar da ake yin sabulu da ita, waɗanda ma aka rubuta ba su da soda suna iya ƙona fata. Yarinya ta koyi tambayar kwastoma yaushe ta sa na ƙarshe, domin ana son a bar kamar mako takwas ko fiye, kuma a shafa wa sabon tsiro kaɗai, kada a maimaita a kan gashin da ya riga ya miƙe, in ba haka ba ya karye. Ta san ba a sa wa kan da ke da rauni ko wanda aka sosa, ko wanda aka tsefe yanzu. Ta shafa basilin a bakin goshi da kunne da ƙeya, ta sa safar hannu, ta duba agogo bisa mintocin da aka rubuta a jikin roba, kada ta jira sai kwastoma ta ce yana zafi. Ta ɗauraye sosai, ta wanke da sabulun da ke kashe ƙarfin sinadarin, wanda wasu irinsa kumfarsu kan yi ruwan hoda muddin akwai saura. A rinin gashi kuma ta koyi gwada ɗan kaɗan a bayan kunne awa 48 kafin a yi, saboda sinadarin PPD da ke cikin yawancin baƙin rini yana kumbura wa wasu fuska. Ƙa'idar wannan mataki ita ce ta kalli goma, ta yi goma mai shago tana tsaye a kanta, sannan a bar ta ita kaɗai.

A wannan mataki ne kuma ya kamata a buɗe mata abin da masu shago da yawa ke ɓoyewa: inda ake sarin kaya, yadda ake gane jabu, yadda ake yanka farashi, nawa ake warewa na haya da mai. Wadda aka yaye ta iya kitso amma ba ta iya lissafi ba, shagonta ba zai daɗe ba.

Watannin da aka ambata hasashe ne. Wata yarinyar ta taso tana yi wa ƙannenta kitso tun tana firamare, za ta iya cin gwajin mataki na biyu a wata na biyar. Wata kuma sai na goma sha ɗaya. Gwajin ne ke hukunci. Amma a sa kariya guda: a yi gwaji a ƙarshen kowane wata, a rubuta sakamako a littafi, domin kada mai shago ta riƙa ɗaga ranar saboda ba ta son fara biya.

Ranar fara samun kuɗi

Amsar a taƙaice ita ce: ranar da kwastoma ta fara biyan kuɗi a kan aikin da yarinya ta yi ita kaɗai daga farko har ƙarshe. A tsarinmu wannan yana zuwa ne da cin gwajin mataki na biyu. Daga ranar ta daina zama nauyi a kan shago, ta zama mai shigo da kuɗi.

Mu duba alƙaluma. A ce kitson da mai shago ke yi a 2,000, na 'yar koyo ana karɓar 1,500. A ce tana yin kai 12 a mako. Wannan ya zama 18,000 a mako, 72,000 a mako huɗu. Idan aka ba ta kashi 20 cikin ɗari, ta samu 14,400. Shago ya rage da 57,600, a cire kuɗin motarta 12,000, saura 45,600 da za su shiga haya da mai da ribar mai shago. Lura cewa kason yana hawa ne a kan kuɗin mota. Idan aka janye kuɗin mota ranar da aka fara ba da kaso, abin da ya ƙaru a hannunta 2,400 ne kacal, wato sunan biya aka yi.

Wannan lissafi yana nuna abin da ke faruwa idan aka bar yarinya wata tara tana kitso ba a ba ta komai. A cikin mako huɗu kaɗai hannunta ya shigo da abin da ya haura dukan kuɗin koyonta. Ita ma ta iya lissafi, tana ganin kuɗin da ake miƙawa. Daga nan ne ake fara jin cewa ba ta da lafiya ranar Asabar, alhali tana can tana kitso a gidan wata kwastomar shago. Mai shago za ta kira wannan cin amana, kuma da gaskiyarta, amma ƙofar da abin ya shigo ita ce rashin kaso.

Idan ta ci rabin mataki na uku, aka fara karɓar cikakken farashi a kan aikinta, kaso ya hau zuwa kashi 30. Kai 15 a mako a kan 2,000 ya zama 120,000 a mako huɗu, nata 36,000. A aikin da ke cin kaya, a fara cire kuɗin kayan kafin a raba. Idan an karɓi 5,000 na sa rilaksa, kayan sun ci 2,000, to a kan 3,000 ake lissafi, nata 900. Kyautar da kwastoma ta miƙa mata da hannunta kuwa tata ce, ba ta shiga lissafin shago.

Me ya sa kaso ya fi albashi tsayayye a wannan lokaci? Domin cinikin shagon gyaran gashi hawa da sauka yake yi. Makon Salla da lokacin bukukuwa ana rasa wurin zama, farkon azumi kuma shago yakan yi tsit. Ƙaramin shago da ya ɗauki alƙawarin albashi yana iya kasa cikawa a watan da babu ciniki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ko waɗanda ake biya da kamasho. Wannan sassauci ne ga ƙananan sana'o'i, bai halatta a ci gumin mutum ba. Domin kaso ya tafi daidai, a ajiye littafi guda a kan tebur: kwanan wata, irin aiki, kuɗin da aka karɓa, sunan wadda ta yi. A yi lissafi duk ranar Asabar da yamma su biyu, a biya a ranar. Yana kuma da kyau a ba yarinya shawara ta riƙa ajiye wani ɓangare, a asusu ko a adashe, domin kuɗin diraya da kujera na ranar da za ta tsaya da ƙafarta.

Inda abubuwa ke karkacewa

Ɓarna ita ce ta farko. Idan yarinya ta ƙona kan kwastoma a aikin da aka sa ta tun ba ta ci gwajinsa ba, laifin na wadda ta sa ta ne, kuma shago ne zai ɗauki kuɗin magani. Kuskuren koyo ba a cire shi daga kasonta. Abin da za a iya cirewa shi ne na sakaci bayyananne, kamar barin ƙarfen miƙar da gashi a kunne har ya lalace bayan an sha gargaɗi, shi ma a sa masa iyaka, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta samu a makon.

Na biyu shi ne tafiya kafin wa'adi. A wurinmu babban dalili shi ne aure, sai samun gurbin karatu, sai ƙaura. Ba laifi ba ne, saboda haka a tanade shi: kuɗin matakin da aka riga aka shiga ba ya dawowa, na matakin da ba a shiga ba kuma ba a bin sa. A ba ta takarda da ke faɗin matakan da ta ci, a bar mata ƙofa ta dawo ta ƙarasa idan hali ya yi. Idan kuma mai shago ce ta rufe ko ta daina koyarwa, ta mayar da kason kuɗin da bai yi aiki ba.

Na uku shi ne kwastomomi. A yarda tun farko cewa muddin tana ƙarƙashin shago ba za ta karɓi aikin kwastomar shago a ɓoye ba. Idan an kira ta kitson gida, ta faɗa, a rubuta a littafi, a ba ta kaso mafi tsoka tunda ita ta yi tafiyar. Kitson 'yan gidansu da maƙwabtanta a ranar hutunta kuwa nata ne.

Yaye da abin da ke bayansa

Gwajin ƙarshe shi ne a bar mata shago yini guda cur: ta buɗe, ta tarbi mutane, ta yi aiki, ta karɓi kuɗi, ta rufe da lissafin da ya daidaita. Idan ta ci, a yaye ta a ranar da aka yi alƙawari, a ba ta takardar shaida mai ɗauke da abubuwan da ta iya. Wadda ke son shaidar da hukuma ta sani tana iya zama gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya.

Daga nan hanya biyu ce. Ko ta zauna a matsayin ma'aikaciya da sabuwar yarjejeniya, a misalinmu kashi 40 ko albashin da aka yi ciniki a kai, ko ta buɗe nata. Idan za a nemi ta yi wa shago aiki na wasu watanni bayan yaye, a faɗi adadinsu tun ranar shiga, kuma a biya ta a matsayin ƙwararriya. Idan za ta buɗe nata, a yi maganar tazara cikin mutunci, misali kada ya kasance a layi ɗaya. Fiye da haka ba ya riƙuwa, domin mace takan bi hannun da ya dace da kanta duk inda ya koma. Abin da mai shago za ta iya riƙewa shi ne zumunci: wadda aka biya ta haƙƙinta tun tana koyo ita ce ake kira ta zo ta taya aiki idan amare uku suka haɗu rana ɗaya, kuma ita ce za ta turo ƙanwarta koyo a shagon da ta fito.